Daga "mun sha wahala" zuwa Ingilishin da Bature zai karanta bai tsaya ba: yadda ake gyara fassarar kalma da kalma

A nan Maradi, in ka ce "Turanci" wani Faransanci zai ɗauka, domin shi muka yi a makaranta. Saboda haka Ingilishi zan riƙa cewa. Muna buƙatarsa fiye da yadda ake zato: ga abokan ciniki ta wajen Jibiya da Katsina da Kano, ga ƙungiyoyin agaji da ma'aikatansu ba sa jin Hausa ba sa jin Faransanci, ga ɗalibai masu neman gurbin karatu a waje. Wanda duk aka san ya ɗan iya Ingilishi a unguwa, wata rana za a kawo masa takarda a ce ya juya ta.

Abin da yake faruwa kusan kullum shi ne mutum ya bi Hausar kalma bayan kalma, ya ba kowace kalma takwararta, ya duba ya ga babu wadda ya bari a baya, sai hankalinsa ya kwanta. Amma wanda aka aika wa takardar sai ya karanta layi sau biyu sau uku kafin ya gane inda aka dosa, wani lokaci ma ya fahimci abin da ba a faɗa ba. Zan bi takarda guda ɗaya tak tun daga farkonta har ƙarshe, don a ga yadda ake raba ta da wannan ciwon. Wasiƙa ce wadda shugabar wata ƙungiyar mata masu man gyaɗa ta taɓa kawo mini, tana son a aika wa wata jami'ar wata ƙungiya da ke karanta Ingilishi. Na cire sunaye. Ga Hausar:

"Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, da fatan kuna lafiya kamar yadda muke nan lafiya. Mu matan ƙungiya mu ashirin da huɗu ne, sana'armu tatsar man gyaɗa da yin ƙuli-ƙuli. Injinmu na niƙa, tun kaka ya lalace, sai muka kai shi wajen mai gyara, sai aka ce mana sai an kawo wani ƙarfe daga Kano, sai jika ɗari da hamsin. Mun sha wahala ƙwarai, don yanzu sai mun kai niƙa waje, ribar duk can take tafiya. Mun dai tara jika sittin, kowace mace ɗari-ɗari duk mako. Shi ne muka ce bari mu kawo kukanmu gare ku, ko Allah zai sa a dace. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci."

Bahaushe ba zai ga aibu ko ɗaya a wannan wasiƙa ba. Akwai ladabi, akwai bayani, roƙon kuma ya zo a inda ya kamata. Yanzu ga yadda tsakiyarta ke fita in aka bi ta kalma da kalma:

*Our engine of grinding, since harvest it spoiled, then we took it to the place of the repairer, then it was told to us until an iron is brought from Kano, until one hundred and fifty bags. We drank suffering very much, because now until we take grinding outside, the profit all there it goes.*

Kada ka jefar da wannan ɗanyen aikin. Yana da amfani guda, kuma babba ne: shi ne lissafin duk abin da ke cikin Hausar, wanda za ka dawo ka auna aikinka da shi a ƙarshe. Kuskuren shi ne a zauna a kansa ana goge kalma ɗaya ana sa wata. Jimlar da aka gina a kan ƙashin Hausa, ko ka sauya mata kalmomi goma, tafiyar Hausa za ta ci gaba da yi.

Kafin ka taɓa Ingilishi, ka koma wurin mai magana

Mataki na farko ba rubutu ba ne, tambaya ce. Hausa tana barin abubuwa da yawa a buɗe saboda mai faɗa da mai ji sun san su tare. Ingilishin da za a karanta a nesa ba shi da wannan gatan. Don haka ka ɗauki biro ka ja layi a ƙarƙashin duk wurin da kai kanka ba za ka iya amsa "wa?", "yaushe?" ko "nawa?" ba.

A wasiƙar nan wurare biyar na ja wa layi. Na tafi gidan shugabar ƙungiyar da yamma, muka zauna a zaure.

Na ce, "Hajiya, da kuka ce 'aka ce mana', wa ya faɗa?"

Ta ce, "Makanikin mana, ɗana. Wa zai faɗa in ba shi ba?"

Na tambaye ta kakar da take nufi, ta ce wadda ta wuce, lokacin da ake cire gyaɗa, muka lissafa tare muka tsaya a kan watan Oktoba. Na tambayi ƙarfen, ta ce wani abu ne a cikin injin da ya karye, sai an sayo sabo. Na tambaya ko jika ɗari da hamsin ɗin kuɗin ƙarfen ne kawai ko har da ladan gyara, ta ce duka ne. Sai na zo kan ribar: "Hajiya, duka take tafiya, ko akwai ɗan abin da ke saura?" Ta yi shiru kaɗan, ta ce, "To, ba a rasa na cefane ba, amma ba wani abin kirki ba ne." Wannan amsar ce ta sa daga baya na rubuta *most of our profit* maimakon *all our profit*. A Hausa "duk" a irin wannan wuri ƙarfafa magana ce, kowa ya san haka. Baturiya kuwa za ta ɗauke ta a matsayin lissafi, in kuma wata rana ta zo ta ga ana ɗan samu, sai ta fara shakkar sauran abin da ke cikin takardar.

Tambaya ta ƙarshe ita ce wa zai karanta. Tana da muhimmanci don Ingilishi ba ɗaya ba ne. Wanda kunnenmu ya saba da shi a nan yawanci na Najeriya ne, inda cewa inji ya *spoil* magana ce ta yau da kullum, kuma in takardar Katsina za ta je babu wanda zai ɗaga gira. Amma ga mutumin Ingila ko Amurka abinci ne ke *spoil*, inji kuwa *break down* yake yi. Haka gyaɗa: *groundnut* ake cewa a Afirka ta Yamma da rubuce-rubucen aikin gona, Ba'amurke kuma *peanut* ya sani. Jami'ar da za a aika wa ta daɗe tana aiki a yankinmu, don haka na bar *groundnut*.

Kuɗi, tun da shi ne ya fi cutarwa

Zan daɗe a nan, domin kuskuren salo kunya kawai yake jawowa, kuskuren kuɗi kuwa asara yake jawo wa mutanen da suka amince da kai.

Mu a Nijar da dala muke ƙirga sefa, dala ɗaya kuwa faran 5 ce. In mace ta ce ta ba da ɗari, dala ɗari take nufi, wato 500. Jika ɗaya 1,000 ce. In aka ce dubu a bakin kasuwa, dala dubu ce, wato 5,000. Duk wanda ya tashi a nan ya san wannan ba tare da ya yi tunani ba, amma da zarar ya zauna fassara sai hannunsa ya riga kansa, ya ga "ɗari" ya rubuta *one hundred*. Na taɓa yin wannan kuskuren a farkon aikina. Wani dattijo ya ce an karɓi dubu goma a hannunsa, na rubuta 10,000, alhali 50,000 ne. Da aka gano, sai da aka sake buɗe maganar tun daga tushe, dattijon kuma ya yi makonni yana zirga-zirga a kan abin da ba laifinsa ba. Har yau abin yana damuna, kuma tun daga ranar ba na rubuta adadin kuɗi sai na maimaita wa mai shi da takardun kuɗi: "jika-jika nawa ke nan?"

A wasiƙarmu, jika ɗari da hamsin 150,000 ne, jika sittin 60,000, ɗari-ɗari kuma 500 kowace mace. Ka gwada lissafin ka gani ko ya tsaya: mata 24 sau 500 ya ba da 12,000 a mako, mako biyar ke nan suka yi suna tarawa kafin su kai 60,000. Na tambayi Hajiya, ta ce haka ne, tun ranar da aka faɗa musu kuɗin gyaran suka fara. Da na rubuta 100 maimakon 500, da lissafin bai haɗu ba, kuma mai karatu mai lura zai gani.

Akwai kuma yadda ake rubuta lambar. A makarantar Faransanci an koya mana 150.000 ko 150 000, waƙafi kuma na gutsuren lamba ne, kamar 2,5. Ingilishi akasin haka yake yi: 150,000 da waƙafi, 2.5 da aya. Wanda ya ga 150.000 a takardar Ingilishi yana iya karanta shi ɗari da hamsin kawai. Sannan a ambaton farko ka rubuta *CFA francs* a cike, don kada a ɗauka naira ce ko dalar Amurka.

Ma'auni ma haka. Tiya da dami ba su da takwara a Ingilishi. In sun zo, ka bar kalmar, ka bi ta da ɗan bayani, in kuma nauyin yana da muhimmanci ka sa a auna maka a sikeli, domin tiyar gero da tiyar gyaɗar da ba a ɓare ba nauyinsu ba ɗaya ba ne.

Kife takardar, ka faɗi maganar da baki

Yanzu ka san wa ya yi me, yaushe, da nawa. Kife Hausar da ɗanyen fassarar duka biyu a kan tebur. Ka ɗauka jami'ar tana tsaye a gabanka, tana sauri, ta ce ka gaya mata abin da matan nan ke so. Faɗa da baki, da Ingilishin da kake da shi, ko ka ɗauki muryarka a waya. Abin da zai fito kusan kullum ya fi abin da ka rubuta kyau, saboda baki ba ya ganin jerin kalmomin Hausa balle ya bi su.

Za ka lura da bakinka ya fara da buƙatar: suna neman taimakon gyaran inji, kuɗin kaza, sun tara kaza, saura kaza. A nan ne tsarin wasiƙar Hausa da ta Ingilishi suka rabu. Mu mukan fara da gaisuwa, mu gabatar da kanmu, mu ba da labari, sannan a ƙarshe mu kawo roƙo a lulluɓe, don faɗar buƙata tun daga bakin ƙofa rashin kunya ne. Mai karanta wasiƙar aiki da Ingilishi kuwa a layuka biyu na farko yake neman dalilin rubutowa, in bai gani ba sai ya fara tsallake. Don haka a wasiƙar aiki kana da damar ɗauko roƙon daga ƙasa ka kai shi sama. Ladabin bai ɓata ba, wurin zamansa ne ya sauya: a Ingilishi yana cikin kalmomi irin su *we would be grateful*, ba a cikin jinkirta magana ba.

Ka lura kuma Hajiya ba ta ambaci 90,000 ba ko sau ɗaya. Ta bar wa mai karatu ya cire sittin daga ɗari da hamsin da kansa, wannan ma kunya ce. Na ce mata, "Hajiya, in na rubuta a fili cewa jika casa'in kuke nema, na yi daidai?" Ta ce, "Ai shi ne maganar." Da izininta na sa. In ba ta yarda ba, ba ni da ikon ƙarawa.

"Sai" guda biyar

Koma kan jimla ta uku da ta huɗu na wasiƙar ka ƙirga "sai". Biyar ne, kuma ba aiki ɗaya suke yi ba. "Sai muka kai shi" da "sai aka ce mana" jerin labari ne, abu ya bi abu. "Sai an kawo wani ƙarfe" sharaɗi ne, gyara ba zai yiwu ba in babu shi. "Sai jika ɗari da hamsin" farashi ne. "Sai mun kai niƙa waje" tilas ce. Ɗanyen fassarar ta ba biyun farko *then*, sauran ukun *until*, shi ya sa ta rikice.

Ga yadda nake yi da su. "Sai" na jerin labari yawanci share shi ake yi, a sa aya, a fara sabuwar jimla, domin Ingilishi yana barin jerin jimlolin ya nuna abin da ya riga wani. *Then* sau uku a jere yana sa babban mutum ya yi kama da yaro mai ba da labari. "Sai" na sharaɗi ya zama *needs*, na farashi ya zama *will cost*, na tilas ya zama *have to*. Har ma "muka kai shi wajen mai gyara" na bar shi ya narke, don da zarar an ce makaniki ya faɗi abin da injin ke buƙata, an san an kai masa.

Daga nan sai "aka". Hausa tana son ɓoye mai aiki: an ce, aka kawo, za a duba. Ingilishi yana da hanyar yin haka, amma in ta yi yawa takarda tana yin nauyi, tana kuma kama da ana ɓoye wani abu. Tun da na tambaya na san makaniki ne, sai na sa shi a gaba: *The mechanic says it needs a spare part*. "Wani ƙarfe" kuma ba *an iron* ba ne, wannan dutsen guga ne a kunnen Bature.

Sai ɗabi'armu ta ɗora abin da ake magana a kansa a farkon jimla, mu dakata, sannan mu dawo masa da wakilin suna: "Injinmu na niƙa, tun kaka ya lalace", "ribar duk can take tafiya", "mu matan ƙungiya mu ashirin da huɗu ne". A Hausa wannan daɗin magana ne. A rubutaccen Ingilishi, *our machine, it broke* ko *we women, we are* alama ce ta farko da ke tona cewa fassara ce. Maganinta sauƙi ne da ita: suna ɗaya, aikatau ɗaya, a cire wakilin sunan da ya maimaita.

Lokaci ya fi wannan wuya kaɗan. Aikatau na Hausa ya fi damuwa da ko aiki ya kammala ko yana gudana, lokacin kuma sai a gane shi daga kalmomi irin su jiya, bana, tun kaka. Ingilishi kuwa dole kowane aikatau ya ɗauki lokacinsa. Ga ƙa'idar da ta ishe ka a yawancin wasiƙu. Abin da ya faru ya wuce a lokacin da aka ambata: *broke down in October*. Abin da ya fara a baya kuma har yanzu ana cikinsa, wato inda Hausa ke cewa "tun": *since then we have had to pay*. Abin da aka saba yi: *each of us puts in 500 francs a week*. Kuskuren da na fi gani wurin waɗanda suka yi Faransanci shi ne *since October we are paying*, don Faransanci haka yake ginawa. Ingilishi yana son *have been paying*.

Kaka kuma kada ka ce *autumn*. Damina, kaka, ɗari, rani da bazara ba su hau kan lokutan Turai ba. Ka ce *at harvest time* ka ƙara watan, shi ke nan.

Sha, ci, ji, da kuka

Ba a shan wahala a Ingilishi, ba a cin riba, ba a cin bashi, ba a kai kuka. Waɗannan aikatau namu guda uku, sha da ci da ji, kowannensu yana ɗauke da ma'anoni da yawa, kuma ƙamus zai fara ba ka ta farko ne. Ƙamus mai kyau, irin na Bargery na 1934 ko na Paul Newman na 2007, yana jera sauran a ƙasa, sai dai ka yi haƙurin karanta bayanin har ƙarshe.

Amma ko ka samu ma'anar, akwai zaɓi. "Mun sha wahala ƙwarai" za ta iya zama *we have suffered greatly*. Nahawu daidai ne, sai dai nauyin ya zarce. Mu muna cewa mun sha wahala ko a kan layin mai ne, *suffered greatly* kuwa ana ajiye ta ne don yunwa da yaƙi da rashin lafiya mai tsanani. *It has been very hard for us* ta fi kusa da abin da Hajiya ta faɗa. Haka "kawo kukanmu gare ku": ba hawaye a ciki, kuma ba ƙara ba ce, don haka *complaint* ma kuskure ne. Neman taimako ne cikin girmamawa, *we are writing to ask for your help*.

Ina gargaɗi a kan wani abu da masu ƙwazo ke faɗawa ciki. In mutum ya gane cewa salon maganar Hausa ba ya ƙetarawa, sai ya shiga neman salon maganar Ingilishi ya cusa a wurin, ya sa wa tsohuwa mai ƙuli-ƙuli kalaman da ya haddace daga littafin makaranta. Wannan ya fi ɗanyen fassara muni, don ya sa mata rigar da ba tata ba. Magana a fili, da gajerun kalmomi, ita ce ta fi kama da yadda talakan Ingila ke rubutu. *Help* ta fi *assistance*, *buy* ta fi *purchase*, *need* ta fi *require*. Mu da muka bi ta Faransanci hannunmu yana zuwa kan dogayen ne saboda sun yi kama da waɗanda muka sani, kuma a can tarko yake: *demand* ba roƙo ba ne, tilastawa ce, *formation* ba horo ba ne, *training* ake cewa, *actually* ba "a halin yanzu" ba ne. In ka rubuta *we demand your assistance* kana nufin "muna roƙon taimakonku", ka mai da ladabin Hajiya tsawa.

Ƙananan kalmominmu, dai da fa da kam da ma da kuwa, yawanci ba a fassara su ɗaya-ɗaya. Ka tambayi kanka aikin da suka yi. "Mun dai tara jika sittin" tana nufin ga iyakar ƙoƙarinmu zuwa yanzu, sai na sa *so far*.

Gaisuwa da addu'a su ne inda masu fassara suka rabu biyu, wasu su zuba su duka, wasu su share su duka. Ni ba na bin ko ɗaya. Gaisuwar farko nakan taƙaita ta zuwa layi guda. Addu'ar ƙarshe kuwa ba na cire ta, domin ba ado ba ce a wurin mai ita, da gaske take yi, kuma *may God reward your kindness* Ingilishi ne mai kyau da kowa zai gane. "Ya bar zumunci" ba dangantakar jini ake nufi ba a nan, fatan hulɗa ta ɗore ne. Ƙuli-ƙuli kuma sunansa ke nan, a bar shi, a bi shi da bayani na rabin layi sau ɗaya.

Ga abin da ya fita:

*Greetings from Maradi. We hope you are well.*

*We are writing to ask for your help with repairing our grinding machine. The repair will cost 150,000 CFA francs. So far we have saved 60,000, and we still need 90,000.*

*We are a group of 24 women who make groundnut oil and kuli-kuli, a crunchy snack made from the paste left after the oil is pressed out. Our machine broke down in October, at harvest time, and the mechanic says it needs a spare part from Kano in Nigeria. Since then we have had to pay someone else to grind our groundnuts, which takes most of our profit. It has been very hard for us. Each of us now puts in 500 francs a week towards the repair.*

*We would be very grateful for any help you can give. May God reward your kindness and keep our friendship strong.*

Awo na ƙarshe

Yanzu buɗe ɗanyen fassarar da ka kife. Bi ta layi-layi, kana sa alama a kan duk abin da ka samu a sabuwar. Abu biyu kake nema: abin da ya ɓace, da abin da ya shigo ba da izini ba. A tamu, abin da ya shigo shi ne Oktoba, 90,000, bayanin ƙuli-ƙuli, da cewa Kano a Najeriya take. Biyun farko Hajiya ce ta tabbatar da su, biyun ƙarshe sanin kowa ne a nan wanda mai karatu ba lallai ya sani ba. Abin da ya fita shi ne "kamar yadda muke nan lafiya" da "ko Allah zai sa a dace". Na farkon na bar shi ya tafi, na biyun kuma ma'anarsa ta rashin tilastawa tana cikin *any help you can give*.

Sannan ka bi takardar sau ɗaya don *a* da *the* kaɗai, kada ka duba komai sai su. Hausa ba ta da takwarar *a* da ta zama dole, shi ya sa muke mantawa da ita. Duk sunan abu guda da ake iya ƙirgawa yana buƙatar wani abu a gabansa: *a* in karo na farko ne ake ambatarsa, *the* in an riga an san shi, kusan inda mu muke ƙara -n ko -r a ce "injin" ko "ribar". In a kwamfuta kake rubutu kuma tsarinta na Faransanci ne, ka sauya harshen duba rubutu zuwa Anglais (Royaume-Uni) ko Anglais (États-Unis), ka tsaya a kan ɗaya. Zai kama maka kuskuren haruffa, amma ba zai taɓa gaya maka cewa ɗari 500 ce ba. Kwanan wata kuma ka rubuta sunan watan da haruffa, don 5/12 biyar ga Disamba ne a wurinmu da Ingila, a Amurka kuwa sha biyu ga Mayu.

Karanta da ƙarfi. Inda numfashinka ya ƙare kafin aya, jimlar ta yi tsawo, raba ta. Inda harshenka ya yi tuntuɓe, yawanci Hausa ce ke kwance a ƙarƙashi. In kana da wanda ya iya Ingilishi kuma bai ga Hausar ba, ba shi ya karanta, kada ka tambaye shi ko ta yi kyau, don zai ce ta yi. Ka ce ya gaya maka wa ke nema, me yake nema, nawa ne. In ya amsa ukun ba tare da ya sake duba takardar ba, ta isar da saƙo.

Duk wannan ƴancin na sauya tsari da taƙaita gaisuwa na wasiƙa ne da rahoto da labari. Takardar haihuwa, takardar shaidar karatu, yarjejeniyar ciniki ko maganar da za ta je gaban alƙali ba a yi musu haka. A can ana gyara nahawu ne kawai, a bar tsari da kowace kalma a inda take, ko da Ingilishin ya yi tauri, kuma in wurin da za a kai sun ce sai fassarar wanda hukuma ta amince da shi, to aikin ba naka ba ne, ka tura mai ita can.

Kafin in aika wasiƙar na koma gidan Hajiya na mayar mata da Ingilishin zuwa Hausa da baki, jimla bayan jimla, ba tare da na kalli tata ta asali ba. Da na zo kan ɗari-ɗarin mako sai ta ɗaga hannu ta ce, "Tsaya, ɗana. Biyu daga cikinmu ba su da hali yanzu, mu muke zuba musu." Lissafin 12,000 bai sauya ba, amma *each of us* ta daina zama gaskiya. Na goge layin na rubuta *Together we now put aside 12,000 francs a week towards the repair*, na sake karanta mata, ta ce a aika.